Sunan da Ma'aji Ya Kasa Kira

Tun Nasara bai zo ba, mu mahautan Talatar Mafara talatin muka yanka wa kanmu kuɗin wuri ɗari-ɗari don gyaran rumfunanmu. Ranar bayani ma'ajinmu ya zazzage kuɗin a tabarma, ya ja su biyar-biyar, ya tara ɗari-ɗari.

Ya ce, "Mutum ashirin da huɗu sun biya cif, dubu biyu da ɗari huɗu ke nan. Biyar sun ba da rabi, ɗari biyu da hamsin. Duka dubu biyu da ɗari shida da hamsin. Mutum ɗaya bai ba da ko wuri ba."

Wani dattijo a cikinmu, surukin ma'ajin, wanda tun safe ya ishe mu da wa'azin amana, ya buga sanda. "Faɗi sunan marar kunyar!"

Ya san mijin 'yarsa ba ya kama sunansa ko da wuƙa a wuya. Dabarar tsohon ke nan.

Ma'aji ya sunkuyar da kai. "Baba, ka gafarce ni. Bakina ba ya iya faɗin wannan suna."

Duk garin kuwa mun san suna ɗaya ne tak bakinsa ba ya iya faɗi. Gaba ɗaya muka juya muka dubi mai sandar.