Hoton Bayan Sammani

Duk mai bin bakin kanal ta bayan Bunkure ya san Sammani: dogo, mai tsohuwar malafa, kullum yana faɗa da wani a kan rabon ruwa. Gonata ce ke jikin tasa, don haka na sha faɗan nan fiye da kowa. Tun yana saurayi yake noman shinkafa a gonar da ya gada, har furfura ta cinye masa gemu.

Ciwon baya kuwa, wane manomi ne ba shi da shi? Na Sammani a ƙugu yake, ɓangaren dama. Bara ya matsa masa, sai babban ɗansa Lukmanu, mai shagon waya a Kano, ya kai shi wani wurin ɗaukar hoto, aka zura shi cikin na'urar MRI. Ba likitan da ya taɓa jikinsa. Suka dawo da baƙin hoto da takardar Turanci, Lukmanu ya fassara da wayarsa: wai guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayan ya turo waje.

Nan hankalin gidan ya tashi, don kowa na tune da Mudassiru mai injin ban-ruwa. Shi ma haka takardarsa ta ce, ƙafarsa ta yi sanyi har silifa na zame masa bai sani ba, sai da aka yi masa aiki. Masu dubiya suka cika zaure, kowa ya ɗaga hoton a rana ya girgiza kai, har wanda bai san sama da ƙasansa ba. Abin ya ba ni haushi matuƙa. Aka kwantar da Sammani, aka hana shi ko ɗaukar buta, aka shirya ba wani hayar gonar kafin a saki ruwan rani.

Kwanciyar ta ƙara sandarar da shi. Wata safiya ya aika aka kira ni.

"Tayar da babur ɗinka," ya ce. "Ba za a yi mini jana'iza ina tari ba."

Likitar da muka samu a asibiti a Kura, Dakta Khadijat, ture takardar ta yi gefe. Ta tambaye shi ko ciwon na sauka ƙafa, ko fitsari ko bayan gida na kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi sanyi. Duk ya ce a'a. Ta sa shi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu. Ta kwantar da shi ta ɗaga ƙafarsa a miƙe, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta ce ya turo babban yatsa sama da ƙarfi. Sai a lokacin ta karanta takardar.

"Baba, in aka ɗauki hoton sa'o'inka da ba sa jin ciwon komai, fiye da rabinsu za a ga wannan. Kamar furfura ne. Naka ya karkata hagu, bai taɓa jijiya ba, ciwonka kuma a dama yake."

"To Mudassiru fa?" Ya ba ta labarin.

"Ban gan shi ba. Amma in guringuntsi ya danne jijiya, ciwon kan bi ƙafar ɓangaren ne, ya wuce gwiwa, har yatsu su yi sanyi ko ƙafa ta rasa ƙarfi. Nan hoto da jiki sun yi magana ɗaya. Naka ciwon na gaske ne, amma ya fi kama da na tsoka da gaɓoɓi, kwanciya kuma ƙara shi take."

Ta ba shi magani, ta nuna masa motsa jiki, ta ce ya koma aiki a hankali, ban da ɗaukar buhu. In kuwa ya ga ɗaya daga abubuwan da ta tambaya, ya zo ranar, kada ya kwana.

A ƙofar gida muka tarar da Lukmanu da mai son hayar.

"Baba, lafiyarku muke ji," in ji Lukmanu, idonsa ya ciko.

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Amma takarda ka tambaya, ba ka tambaye ni ba." Sammani ya juya ga baƙon. "Malam, sai haƙuri, mai gonar bai mutu ba."

Ya yi dashensa, yana yi yana hutawa yana mita. Bayan nasa yana ciwo har gobe, faɗan ruwa ma ya dawo, ni kuwa na yi murna. Da shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suka fara sauka, sai na hango baƙin hoton nan ɗaure a igiya tsakiyar gonar, iska na kaɗa shi yana ƙara.

"Ya iya tsorata mutane," in ji Sammani. "To ya gwada tsuntsaye mu gani."