Dorinar da Illo Ya Bari a Gida

Duk bakin tafkin Kainji babu mai iya magana kamar Illo, sakataren ƙungiyar masu jirgin ruwa na Wara. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a yi masa gardama ba, don bai taɓa yin shirun da wani zai samu ya sa baki ba.

Ya bar tuƙi da gwiwa ta fara ciwo, sai ya koma wa'azin rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. Da wani gidan rediyo ya yarda ya ba ƙungiyar fili, ya rubuta jawabin minti goma. Aka ce biyar ake da su, in ya wuce a ba masu albasa filin.

Da farko ya gwada karantawa da gudu. Matarsa Saratu ta leƙo ta tambaya ko gwanjo ake yi. Sai ya ɗauki takardun ya tafi wurin abokinsa Benjamin, tsohon mai wa'azi a coci, wanda ya koyi gajartawa tun da ya lura jama'arsa na sulalewa ran kasuwa.

"Illo, faɗa min maganarka a numfashi ɗaya."

"Haba, Malam! Ni?"

"Kai fa, uban surutu."

Illo ya yi shiru, abin da Saratu har yau ba ta yarda ya faru ba. Can ya ce, "Iya ruwa ba ya ceton mutum in jirgi ya kife a tsakiyar tafki. A sa riga kafin a tada inji."

"To duk abin da bai ɗauki wannan a ka ba, ya sauka."

Gaisuwar manya, sunaye cike da shafi, ta koma layi guda. Tarihin ƙungiya ya sauka dungurungum, don Benjamin ya hana a yi ta tsakurar kalma nan da can. Dalilin ya zauna: kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, da yadda wanda bai iya ruwa ba ke riƙe gwani su nutse tare. Misali biyu suka rage, ɗaya za a ɗauka. Akwai tsohuwar da ba ta iya ruwa ba, riga ta riƙe ta har aka zo ceto, akwai kuma dorinar da ta bi Illo yana saurayi.

Benjamin ya ce, "Ran dorinar nan, kana sanye da riga?"

"A'a."

"To mi ta zo yi?"

Illo ya soke ta da hannunsa. Suka karanta da ƙarfi, agogo a gaba, ba gaggawa, har da sauran wurin numfashi.

Ran da aka sa jawabin, 'yan jirgi suka taru wurin mai shayi suna tafi. Kashegari wata mai kifi ta ƙi shiga jirgi sai da aka ba ta riga, tana cewa Illo ya faɗa. Illo ya saya wa Benjamin giwan ruwa guda, suka ci tare.

Filin ya tabbata na ƙungiya. Mai shirin ya yaba ƙwarai da iya gajartawar Illo, ya mayar da shi minti biyu.