Hular da Bushiya ta Tsinta

Kawuna mai fataucin shanu ne ya kawo mini littafin daga Nijar, wai matar abokinsa ta ce a ba “malamar nan mai jin Faransanci”. Ɗan siriri ne, bangonsa ya sha maiƙo. Ina koyarwa ne a wata firamare kusa da garin Babban Mutum, ranar Juma’a in koma gida Daura. Faransancin da na koyo a kwaleji ya fara tsatsa, don ba a koyar da shi a makarantarmu.

Labarin gajere ne. Bushiya ta tsinci jar hula a hanya, ta bi gida-gida tana neman mai ita. Ta je gidan zomo, ta je gidan agwagwa, ta je gidan jaki. A kowace ƙofa magana ɗaya ce: “Toc, toc, toc! C’est à toi? Non, non, non, pas à moi.” Wato ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko naka ne, a ce mata a’a. Daga ƙarshe ta iske tsohon kwaɗo yana rawar sanyi, kansa ba komai. Ta sa masa hular, ta ce ba ta iya riƙe abin da wani ke kuka a kansa ba.

Na yi niyyar fassara shi don ’yan ajina su gabatar ranar bikin iyaye. Gwajina na farko abin dariya ne. Ni da littattafan soyayya suka rena, sai ga bushiyata da dara-daran idanu, tana tafiya cikin yanga, iska na kaɗa mata zuciya. Da na karanta wa Innata, ta dube ni ta ce, “Wannan bushiyar aure take nema ko mai hula?” Na yage takardar.

Na koma na karanta Faransancin da ƙarfi ina buga cinya, sai na gane inda daɗin yake. Bugu uku ne, sai tambaya, sai ƙi, kuma ƙarshen tambayar da ƙarshen amsar sauti ɗaya ne. Ƙwanƙwasa ƙofa bai zauna mini ba, don gidajen ’yan ajina yawanci asabari ne a bakin zaure, in an yi sallama ba a ji ba sai a tafa. Cikakkiyar sallama kuma ta yi wa bugun tsawo. Na yi ta juya shi har ya zama haka:

“Taf, taf, taf! Hularka ce?
A’a, a’a, ba tawa ba ce!”

Na buɗe da “ga ta nan, ga ta nanku”, na rufe da “ƙurunƙus”. Ban ƙara wa dabbobin ko kalma ba, ban rage ƙofa ko ɗaya ba. Da na kai aji, kafin mu isa gidan jaki yaran sun karɓe amshin. Har waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suna tafi suna girgiza kai suna “a’a, a’a”. A kan hanyar rijiya ma na ji ’yan mata suna yi da murfin bokiti.

Mataimakin shugaban makarantarmu shi ke shirya bikin, kuma shi ke zuwa zance gidanmu duk Asabar bayan la’asar. Dogo ne, mai farar shadda da ƙamshin turare, yana magana a hankali kamar ana zuba zuma. Tun ranar da na fara ganinsa na sa shi a gurbin jaruman littattafaina. Ya nemi izinin turo magabatansa, na ce ya bari a gama bikin. A raina na riga na amsa.

Ya karɓi fassarar ya ce zai “ɗan duba”. Asabar ta zagayo, ya zauna a tabarmar zaure ya miƙo mini takarda ɗaya da aka buga da na’ura.

“Malama, na gyara miki. Kin yi ƙoƙari, wallahi.”

Na karanta. Babu tafi, babu amshi. An rubuta cewa Bushiya ta ziyarci gidajen dabbobi daban-daban amma ba ta dace ba.

“Ranka ya daɗe, ina ƙofofin?”

“Ai abu ɗaya ne ake ta maimaitawa. Iyaye za su ce ba mu da abin faɗa. Turawan nan ba su da kalmomi kamar mu, shi ya sa suke nanatawa.”

“Ka karanta na Faransancin?”

Ya yi murmushin nan da a da yake hana ni cin abinci. “Ba sai na karanta ba. Na san yara.”

Na ci gaba da karantawa. Tsohon kwaɗon ma ya ɓace. A nasa, Bushiya ta gaji ta koma gida, uwarta ta yi mata faɗa, aka kai hular gidan mai unguwa. Ƙasan shafin kuma darasi ne da manyan baƙaƙe: yarinya ta gari ba ta yawo gida-gida.

“Ba wannan ne darasin ba,” na ce. “Labarin cewa yake a nemi mai abu a ba shi abinsa.”

“Wannan ya fi dacewa da tarbiyyarmu. Kar ki damu, na bar sunanki a sama.” Ya ciro kwalbar turare daga aljihu ya ajiye gabana. 

Ranar Litinin na je wurin shugaban makaranta da takarduna biyu. Ya ce shi bai san Faransanci ba, mu sasanta tunda mun kusa zama gida ɗaya. Na roƙi a cire sunana, aka ce an riga an buga.

Ranar bikin aka kafa rumfa, iyaye suka cika, wasu sun zo a kan babura da ragowar takin gona a ƙafafunsu. Ba a bar yara su gabatar ba, mataimakin ne ya ɗauki lasifika. ’Yan ajina suna zaune a gaba kan tabarma. Da ya ce Bushiya ta tsinci hula, duk suka ɗaga hannuwa, tafin hannu na kallon tafin hannu, suna jira. Ya wuce gidajen dabbobi daban-daban cikin numfashi ɗaya. Hannuwan suka tsaya a sama, sannan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata ’yar ƙarama ta waiwayo ta dube ni kamar ni na ɓoye mata abu. Shi kuwa ya karanta darasinsa sau biyu, mutumin da ya ce maimaici ɓata lokaci ne, ya ambaci sunana, manya suka tafa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Asabar da ya yi sallama ban fita ba. Na ba Innata kwalbar turaren a rufe yadda ta zo.

“Saboda bushiya?” ta tambaya, tana ɗaura kallabi.

“Inna, bai ma karanta ba.”

Ta jinjina kwalbar a hannu, ta sa takalmi ta nufi zaure. Ina jin muryarsa a hankali yana bayani, ya daɗe yana yi. Na rufe tagar ɗakina.

Har yanzu ina karanta wa kowane sabon aji tawa fassarar, da ƙofofinta duka da tsohon kwaɗo. Amma tasa ce aka lika a bangon ofis, da sunana a sama, kuma duk safiya sai na wuce ta gabanta in zan sa hannu a rajista.