Takardar da Manaja ya ƙi maƙalawa

Ɗan gwaggona ne, kuma tun muna yara hannunsa ya fi bakinsa aiki. Idan ka gaishe shi da safe, sai wajen la'asar amsa za ta iso. Shekara shida ke nan da ya tafi aiki ƙasar waje. Da muka tambaye shi wane aiki, sai ya ce, "A wani dogon bene ne na ofisoshi." Daga ranar na laƙaba masa Manaja, har Gwaggo ta kama.

Bana likita ya ce idon Gwaggo na hagu sai an yi masa aiki, ya sa rana. Manaja ya tattara abin da ya adana ya turo a dunƙule. Kuɗin suka iso banki suka tsaya cak.

Ni na raka Gwaggo. Aka zaunar da mu a wani ɗan ɗaki mai sanyin da zai iya daskarar da yawu, gaban wata jami'a mai tabarau. Ta ce asusun ya saba karɓar kaɗan-kaɗan duk wata, sai ga wannan ya ninka sau goma, dole sashen bincike su san tushensa. Ta rubuta mana abin da zai turo: fasfo, izinin zama, rasit mai lambar turin, takardar haihuwa da ke nuna ɗanta ne, takardar asibiti, sai kwantiragin aiki da takardar albashi ta wata uku. Kwana goma na aiki, in ba su cika ba kuɗin su koma inda suka fito, a yanke caji.

"'Yar nan, ɗana ba ɓarawo ba ne," in ji Gwaggo.

"Mama, ban ce ba. Takarda kawai nake nema."

Mutumin da ba ya magana sai ga shi ya rubuto wa banki wasiƙa, wallahi in an shimfiɗa ta za ta rufe tsakar gidanmu. Ya sa ni a kwafi, shi ya sa na gani. Ya gaida shugaban banki da iyalansa, ya ba da tarihin idon tun daga ƙaiƙayin farko. Ya maƙala komai, har da hotonsa cikin kwat. Babu kwantiragi, babu takardar albashi.

Amsar banki layi biyu ce: an gode, saura takardu biyu.

Ya sake rubutowa, wannan karon da shaidar halin kirki daga mai gidan da yake haya. Amsar ba ta canza ba.

Nan fa ƙwaƙwalwata ta fara ƙaiƙayi. Me ke cikin takardun nan? Na kira shi.

"Manaja, mata ka ajiye a can? Ko shara kake yi? Faɗa mini, ni da kai ne, sai unguwa."

"Kai dai ba ka da mutunci."

"Saura kwana uku. Idan kuɗin suka dawo maka, likita zai ba wani ranar."

Can ya ce, "Za a nuna wa Umma?"

"Ita ce mai asusun. Sai ta sa hannu a fom."

Washegari wasiƙa ta uku ta shigo, ba gaisuwa ba tarihi: lambar turi, sunan mai karɓa, dalilin turawa, da jerin abin da ya maƙala. Na buɗe kwantiragin ina lashe baki. Mai wanke gilashin dogayen benaye, yana rataye a igiya. A takardar albashi ga alawus na haɗari, shi kaɗai ya kusa rabin kuɗin. Ashe bai taɓa yi mana ƙarya ba, a benen ofisoshin yake aiki, ta waje dai. Wannan da Gwaggo ta hana hawa ko katanga tun ranar da mahaifinsa ya faɗo daga rufi!

A banki jami'ar ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ce yanzu sun cika, za ta miƙa su sama, a ba su kwana biyu. Gwaggo ta riƙe biro ta ƙi sa hannu.

"Karanta mini abin da ya ɓoye."

Ni da nake iya mai da kyanwa zaki, rannan na yi ƙoƙarin mai da hawa arba'in hawa biyu.

"Ido ne ya lalace, ɗan nema, ba kunne ba. Muryarka rawa take."

Na faɗa mata gaskiya. Ta sa hannu, ta ce in kira shi nan take.

"Igiya nawa ce?"

"Biyu, Umma. In ɗaya ta samu matsala ɗayar na nan."

"Wa ke ɗaurawa?"

"Ni da kaina. Sannan wani ya duba."

Ta daɗe tana juya wayar a hannu. "To. In an buɗe mini idon, ka turo hoton ƙullin in gani."

Kuɗin sun shiga ran Alhamis, aka yi aikin a ranar da aka sa. Hoton ya zo, ta kalle shi da kyau ta ce ƙullin bai yi mata ba.