Mainasara da Layin Ƙasa

Mainasara mai cajin waya na bakin tashar Wurno, shi yaf fara gaya mini akwai gasar da aka yi da waya, mutum biyar su kara da mutum biyar. Rubuta sunanshi da kyau, Surayya, don labarinshi na, ba nawa ba.

Ubanshi masunci na, can wajen Goronyo, amma shi ruwa bai karɓe shi ba, ko kwalekwale yash shiga sai amai. Yad dawo Wurno wurin kawunshi, yay yi kabu-kabu shekaru, har yas samu ɗan janareto da rumhwa. Mutum na gajere, mai yawan gumi, kullum da tawul a wuya. Ba ya iya ganin yara biyu suna gardama bai tsara musu yadda za su raba ta ba.

Ni abin da yak kai ni wurinshi, wanki Zayyanu na. Kin san shi kahin haɗarin. Ɗan kokawa na, duk kaka in an share hili daga Dinawa har Tursa sai an kira sunanshi. Ranar da motar albasa tak kihe da su, ƙahwar dama ba ta ƙara miƙewa ba. Jiki ya warke, amma yaro ya shige ɗaki. Ko sallar Juma'a sai an yi da gaske. Abokai sunka gaji da sallama sunka daina zuwa. Sai waya a hannu, dare da rana. Ni kau nic ce wagga waya ita ka cinye mini jika, nid ɗauke ta nik kai ma Mainasara shi sayar.

Yab buɗe, yad duba, yad daɗe shina dubawa. Yac ce, "Baba, ka san mi jikanka ka yi cikin wanga abu?"

Nic ce, "Zaman banza."

Yac ce, "A wanga wasa duk Wurno ban san mutum ukku da sunka kai shi ba. Kak ka sayar. Ba ni yaron aro rana guda."

Yaz zaunar da ni bisa benci yay yi mini bayani. Hili na cikin waya, gida biyu, hanyoyi ukku tsakaninsu, kowace hanya da hasumiyoyin tsaro. Kowane mutum da jarumi guda da yaka korawa. Waɗanda sunka rushe gidan abokan karawa su ad da nasara. Mutum guda ba ya iya shi, dole biyar. Kuma ga Shafi'u ɗan mai gyaran injin ban-ruwa, suna da huɗu, suna biɗar na biyar don gasar da Mainasara za shi shirya.

Sau ukku Mainasara ya zo gidanmu can Dinawa. Ba ya cewa Zayyanu hito. Sai shi zauna ƙohwar ɗaki shi ce, "Yaran Goronyo sun ce mutanen Dinawa dawa kaɗai sunka iya, waya sai dai su haska hanya da ita." A zuwa na ukku Zayyanu yat tambayi ranar gasar.

Ranar gasa munka makara, don sai da anka samu mai mashin da za shi ɗauke mu da sandunan da Zayyanu ka dogarawa. Ko da munka isa ɗakin kallon ƙwallo da Mainasara yak kama, an gama bayanin dokoki, an jehwa ƙuri'a. Ƙungiya takwas, anka raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu. Cikin rukuni kowa sai ya kara da kowa. Ka ci, a ba ka maki. Biyu na sama su wuce, biyu na ƙasa su koma kallo. Kuɗin shiga da kowace ƙungiya tab biya, da abin da wani mai shago yaƙ ƙara, duk anka haɗa wuri guda, shi Mainasara ka kira tukunya. Tun kahin a taɓa waya ya hwaɗi rabon a gaban kowa: na ɗaya rabi, na biyu kaso mai bi mai, na ukku abin da yar rage. Yac ce wanda bai ji rabo da sahe ba, shi ka tada rigima da marece.

Ni ban gane komi bisa babban allon ba, sai wuta da gudu. Huskar Zayyanu nika kallo. Nij ji shi ya ɗaga murya, "Shafi'u, koma baya, suna cikin ciyawa!" Rabon da in ji wagga murya tun hilin kokawa.

Namu sunka ci biyu, sunka sha kashi ɗaya. Maki nasu yaz zo daidai da na yaran Rabah, wuri yay yamutse. Mainasara yah hau benci yac ce, "Doka ta ce in maki ya yi daidai, a duba karawarku ku biyu. Wa yac ci?" Namu sunka ci. Shi ke nan, sunka hita na biyu. Na biyun wanga rukuni kuma da na ɗayan wancan yaka haɗuwa, don wanda yay yi ƙoƙari a rukuni shi samu sauƙi gaba. Na ɗayan wancan kau su na yaran Goronyo.

Wanga karo wasa ukku na, wanda yar riga cin biyu ya wuce. Anka yi ɗaya da ɗaya. A na ukku Zayyanu yay yi abin 'yan kokawa: ya ga gaba ya buɗe, yak kutsa shi kaɗai bai jira 'yan uwa ba. Anka taru kanshi anka kashe jaruminshi, kahin shi dawo an rushe musu gida. Wani yaro can baya yac ce, "Gwanin Dinawa ya sha ƙasa!"

Anka kira azahar, kowa yan nuhi masallaci. Zayyanu yaj jawo sandunanshi yac ce, "Kaka, mu tahi." A kokawa, in bayanka ya taɓa ƙasa, ba ka tsayawa cikin hili. Ka kakkaɓe ka hita, shi na mutunci. Haka yas sani, haka ni ma nis sani. Munka yi salla a hanya, munka koma Dinawa. Yak kashe waya, yash shiga ɗaki, yaj ja labule. Uwarku tad dube ni. Raina yab ba ni in wanga labule ya kwana a sake, ba mai ƙara ɗaga shi.

Abin da ba mu ji ba da sahe shi na, bayan rukuni layi biyu anka yi, na sama da na ƙasa. In ka hwaɗi sau ɗaya a sama, ƙasa kaka sauka, ka kara da wanda shi ma yah hwaɗi. Sai ka hwaɗi sau biyu kaka hita. Su Shafi'u na da wasa da yaran Tursa, ga su mutum huɗu, ba su rubuta ɗan canji ba. Doka kuma ta ce ƙungiyar da ba ta cika ba bayan ɗan jira, an cinye ta.

Abin da yab biyo baya, Shafi'u yab ba ni labari. Mainasara bai taɓa doka ba. Yak kira shugabannin ƙungiyoyin yac ce, "Wasa biyu ar gabanmu, na sama da na ƙasa, ba wanda ka jiran sakamakon wani. In kun yarda a hwara na sama. In ɗayanku bai yarda ba, in buga agogon jira yanzu." Kowa yad dubi Mujaheed, shugaban yaran Tursa, don shi ad da ribar ƙi. Mujaheed yac ce, "In koma gida a ce mi munka ci, in ce kujerar da ba kowa bisanta? Ɗauko muna Zayyanu mu kada shi da hannunmu."

Mainasara yab bar ma wani alƙalanci, yah hau tsohon mashin ɗinshi.

Ina zaune ƙohwar gida nij ji ƙararshi. Yas sabko shina share gumi. "Baba, ina ɗan wasana? Aro nic ce, rana ba ta hwaɗi ba."

Zayyanu daga ciki yac ce, "Yaya Mainasara, an kada ni. Mi ya rage?"

"Wa yac ce maka an gama?"

"Ni na san hwaɗuwa."

"Ta kokawa kas sani. A nan kana da rai guda saura. Mutum huɗu na can sun sa waya gaba suna kallon ƙohwa. In ba ka zo ba, ba Goronyo tah hid da su ba, kai na."

Zayyanu yac ce, "Tausai na kaka ji, ka ƙirƙiro wanga layi."

Mainasara yay yi dariya har da tari. "Ni? Tambayi duk wanda yaz zo da wuri. Da ina da tausai da ban haɗa ka da Goronyo ba. Kuma Mujaheed ya ce in gaya maka, albasar Tursa ta hi ku yaji."

Labule yam motsa. "Shi yac ce haka?"

Yah hito, mu ukku bisa mashin, sanduna a gicciye, ina tsakiya ina ta salati. Munka ishe wasan sama na ƙarewa. Da Zayyanu yash shiga, yaron nan na baya yas sake buɗe baki, Mujaheed da kanshi yac ce mai rufe.

Sunka ci Tursa biyu da ɗaya. Wanga karo nij ji shi yana cewa, "Ku jira ni, in jira ku." Daga nan sunka haɗu da waɗanda sunka sabko daga wasan sama, wasu yaran cikin garin Wurno, anka ci namu biyu ba ko ɗaya. Hwaɗuwa ta biyu ke nan, ta gaske. Nik kama sanduna ina jiran shi ce mu tahi. Yac ce, "Kaka, zauna, ina son in ga yadda Goronyo za su yi a na ƙarshe, wasa biyar na." Anka ba su kason na ukku, sunka raba biyar. Nashi ko buhun taki bai saye. Yaz zauna cikin mutane har anka tashi, suna gardama shi da Mujaheed awa sun shekara tare.

Yanzu ke shaida ta, ranar kasuwa ba a ganin shi gida. Shina rumhwar Mainasara, shina karɓar wayoyin caji, in an samu sarari su yi atisaye. Na je in yi godiya da 'yar dawa a buhu, Mainasara yac ce in mayar. Yac ce in da gaske nika, gasar bayan girbi ƙungiya goma sha shidda sunka nuna suna so, tukunya kuma ta yi ƙarama, kuɗin shiga kaɗai ba su sa yaran nesa su biya mota. In yi mai magana da Alhaji Lawwali dillalin albasa, tunda tare munka yi ƙuruciya, ko ya sa wani abu.

Na je gidan Alhajin anka ce ya bi kaya kudu. Jiya nij ji ya dawo. Aje alƙalamin hakanan, ɗauko mini hula da takalma, in riske shi kahin shi hita runhunan albasa.