Sarƙa mai jajayen duwatsu

Shekarar da na kwashi adashin masaƙa, kaina ya yi girman da ƙofar ɗakinmu ta Kakuri ta kusa gaza shigar da shi. Ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan waɗannan ba. Ƙawata, wadda muke tsayawa a layin zare ɗaya, ta ja ni gefe ta ce, "Ke, naira ta fara ramewa. Ki sayi gwal ki ajiye, shi ba ya jin yunwa."

Ranar Asabar muka tafi Barnawa, gidan wata Hajiya mai kawo gwal daga Saudiyya. Ta shimfiɗa mana kayan a kan jan ƙyalle, ni kuwa har na manta da gaisuwa. Ƙawata ta ɗauki awarwaro biyu marasa ado, karat ashirin da ɗaya. Na yi mata dariya, na ce sai ka ce zoben labule. Ni idona ya riga ya maƙale a kan wata sarƙa mai manyan jajayen duwatsu, ja irin na ankon zumuntar mata na cocinmu sak.

"Madam, wannan sha takwas ce, kuma ta kwalliya ce, ba ta ajiya ba," in ji Hajiya.

Na ji ta, amma ta bayan kunne. Aka ɗora sarƙar a sikeli da duwatsunta, aka ƙara kuɗin ƙira, na biya ina murmushi.

Wai ajiya na saya, amma ranar taron zumunta sai ga ta a wuyana. Na yi rawa da tulun kiɗa a hannu har ɗankwalina ya faɗi. Matar fasto ta leƙo ta ce, "Kai, 'yar'uwa, Ubangiji ya yi abu!" Na ce ya yi kam. Sau uku na fita ba da baiko ran nan, don kawai in bi ta tsakiyar coci.

Bayan shekara biyu aka rage ma'aikata, takardar sallama ta faɗo a kan maigidana. Albashina kaɗai ba zai riƙe mu da yara huɗu ba. Muka yanke shawarar sayen injin markaɗe, ya riƙa yi wa matan unguwa niƙa a ƙofar gida. Lokacin naira ta sha ƙasa, gwal ya yi sama. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, matarsa mai hangen nesa ce. Ƙawata ta raka ni muka haye gada zuwa babbar kasuwa, ina ta waƙa a cikin bas.

Mai sayen gwal dattijo ne mai tabarau. Ya goga sarƙar a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce, "Gwal ne, sha takwas." Na dubi ƙawata ina ɗaga gira. Sai na ga ya ɗauko ɗan hantsaki ya fara ɓanɓare duwatsun.

"Baba, me kake yi haka?"

"'Yata, gwal nake saye. Waɗannan gilashi ne."

Ya naɗe su a takarda ya miƙo mini. Sarƙar ta koma sikeli duk ramuka, nauyinta ya zube. Na ce to kuɗin ƙira fa? Ya ce wannan na ci shi a wuyana. Kuma farashin da yake saye bai kai wanda yake sayarwa ba, don shi ma da iyali.

Duk da haka, abin da ya ba ni ya fi abin da na biya nesa ba kusa ba. Nan take na manta da haushi. Na saya mana tsire, na saya mana lemo, ina cewa da na bar kuɗin a ƙarƙashin katifa da yanzu sai dai su sayi turmi.

A shagon injuna murnata ta tsaya. Injin ma bai zauna yana jirana ba, ya bi dala ya hau. Kuɗina sun isa sayen kan markaɗen da bel ɗinsa, amma ba su kai ga injin fetur da zai juya shi ba. Na tsaya da ƙunshin gilashi a hannu, kunya ta rufe ni. Me zan je in faɗa wa mutumin da na bari yana share wurin da za a kafa inji?

Ƙawata ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta juya muka koma wurin dattijon, ta zare awarwaro ɗaya ta ɗora a sikeli. Babu abin da ya samu na ɓanɓarewa.

"Ba kyauta ba ce," in ji ta. "Rabin injin nawa ne, kuma markaɗen gidana ba na biya."

A bayan akori-kura muka dawo, mu biyu muna rungume da inji, ina dariya ina share hawaye. Da muka shigo layinmu na hango maigidana a ƙofar gida, har mata uku sun riga sun jera masa bokitan tumatir.