Tayar da Na Sa Aka Buɗe a Hanyar Kudan

Da za a rubuta tarihin ɗan Adam da gaskiya, da an raba mutane gida biyu: masu tafiya a kan taya mai tib, da masu tafiya a kan wadda babu tib a cikinta. Sauran rabe-raben da muke koya wa yara a aji duk bayan wannan suke. Na daɗe ina ɗaukar kaina malami a wannan fanni, har ranar da na goya Baffana zuwa Kudan.

Ga karatun kamar yadda na haddace shi. Ƙafar babur mai sifok, wato wayoyin nan da ke riƙe da rim, kowace waya da ramin da ta shiga, kowane rami kuma ƙofa ce ga iska. Saboda haka dole a sa tib a ciki, ko da an rubuta tubles a jikin tayar. Idan ƙusa ta shiga tubles, sai ta toshe ramin da ta yi, iska ta riƙa fita a hankali, mai faci ya cusa zaren roba mai gam daga waje, ka wuce. Tib ba ya da wannan haƙuri. Yakan sauke iskarsa gaba ɗaya, kamar yadda ya taɓa yi mini a kan gangara, har yau da tabo a gwiwata.

Da hantsi aka bugo waya Ikara cewa aminin Baffa ya rasu a Kudan, za a yi jana'iza da an sallame azahar. Tare suka yi karatu tun suna samari, kuma sun yi alkawari a gaban iyalansu cewa wanda ya riga, ɗayan ne zai sallace shi. Baffa ya tsufa, yana tsoron 'yan acaɓa, ya ce ni kaɗai ya yarda da tuƙina, domin ni mai nutsuwa ne. Nawa babur ɗin yana wurin gyara, sai na ari na ƙanena. Ya miƙo mini makulli yana ƙoƙarin faɗin wani abu a kan ƙafar baya, na ce ba ni da lokaci.

Mun wuce Makarfi, mun shiga tsakanin gonakin rake, sai na fara jin ƙas, ƙas, ƙas daga baya. Na tsaya na duba: kan ƙusa ne yana sheƙi a tsakiyar tayar. Ƙafar mai sifok ce, ga tsoho a bayana. Na sauke shi, na tura babur ɗin zuwa gindin wani mangwaro inda mai faci ya kafa rumfa.

Mai facin magidanci ne, ba shi da komai sai famfon hannu, da liba biyu na ɓanɓare taya, da kwanon ruwa. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya yi masa ta'aziyya, ya ba shi benci. Sannan ya matsa tayar da yatsa, ya shafa ruwa a kan ƙusar, ya zuba ido.

“Malam, ba ta fitar da iska. Ku tafi, in kun dawo na duba.”

“Yanzu ne ba ta fitarwa,” na ce. “Tib ba ya sallama kafin ya fashe.”

Ya taɓa bawul ɗin da ake hura iska ta cikinsa, ya karkata kai. “Anya da tib a cikin nan? Wannan bawul bai yi mini kama da na tib ba.”

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya ce kifi na numfashi da hanci. Na ƙirga masa wayoyin da yatsa, na yi masa bayanin ramuka da iska, har da misalin rariya.

“Duk na ji, Malam. Ku ne da karatu. Ni dai hannuna ne ya gaya mini.”

Baffa ya ɗaga kai ya dubi rana. “Ɗana, in mai sana'a ya ce a tafi, mu tafi mana.”

“Baffa, ranka ne a hannuna. Minti goma ne.”

Mai faci ya ce bismillah, ya sace iskar, ya sa liba ya ɓanɓare gefen tayar daga rim. Ya zura hannu ya jawo abin da ya samu. Wani dogon tef ne baƙi ya biyo shi, da busasshen gam manne a jiki. Ya sake zura hannun har wuyansa, ya zagaya ƙafar kaf, ya fito da shi wayam.

“Malam, babu tib.”

Na durƙusa na leƙa da kaina. Babu. Na sake leƙawa, kamar tib ɗin zai ji kunya ya fito. Wani ya bi ramukan sifok ɗaya bayan ɗaya ya cike su da gam, ya naɗe su da tef, ya ɗaura bawul na tubles. Abin da na gama rantsuwa cewa ba ya yiwuwa, ashe a kansa na zauna tun daga Ikara.

“To a mayar yadda take,” na ce, da muryar da ban san tawa ce ba.

“Da me? Tef ya yage, ramuka sun buɗe. Ko bai yage ba, famfona ba zai zaunar da gefen taya ba, sai injin iska. Da a rufe take, in ma ta huje, zare zan cusa ku wuce.”

Na tsaya bakin hanya ina ɗaga hannu. Ranar kasuwar Makarfi ce, duk babur da ya zo can ya nufa, da buhu gaba da baya. Wanda ya yi Kudan guda ɗaya ne, da mutum uku a kai. Mai faci ya tono wani tsohon tib da faci ya fi fata yawa, ya gwada shi a ruwa, ya ƙara masa faci biyu. Dole ya kwance ƙafar gaba ɗaya, ya cire bawul, ya yanko roba ya rufe kawunan sifok don kada su huda tib ɗin daga ciki. Yana cikin haka muka ji kiran salla daga ƙauyen da ke bayan rake. Baffa ya karɓi buta ya yi alwala, ya yi sallarsa a kan buhu. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Muna shiga Kudan muka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, da makara babu kowa a ciki. Babban ɗan mamacin ya riƙe hannun Baffa ya ce sun jira har hadari ya taso, sai limamin unguwa ya shiga gaba. Baffa ya ce Allah ya jiƙansa, haka aka rubuta. Ya nemi a nuna masa kabarin, ya tafi da sandarsa, ya hana ni raka shi.

Da na mayar wa ƙanena babur na ba shi labari, ya ce abin da yake son gaya mini ke nan da safe: shi ya sa aka mayar da ƙafar tubles. Na ce masa rim irin wannan ba a yi shi don tubles ba, in iska ta yi ƙasa gefen taya na iya zamewa, kuma har gobe ina kan wannan magana, domin gaskiya ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ina ƙusar.

Tana aljihuna. Mai facin ya naɗe mini ita a takarda lokacin da za mu tashi, ya faɗa mini abin da ya gani game da ita ƙasa-ƙasa don kada Baffa ya ji. Na warware takardar a gaban ƙanena. Kan ƙusa ne da ɗan guntun jiki, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. A tudun robar ta tsaya, ba ta huda tayar ba.